“Wannan” da “nan” ba su hawa takarda

A hutun da ya wuce na ɗauki kawuna bidiyo a garejinsa da ke Maraɗi yana yi wa moto bidanji. Minti 11 ne. Ƙanena ya fara kabu-kabu a ƙauye da moton wani, irin mai inji 125 ɗin nan, salularsa kuwa ba ta buɗe bidiyo. Sai na ce bari in mai da aikin takarda in aika masa.

Dare biyu na yi ina saurare ina kwafe duk abin da Kawu ya faɗa. Da na karanta shafi ukun da na samu, ni kaina ban gane ba. Ga irin abin da ke ciki: “Ka ga wannan? Sai ka kama shi nan, ka juya haka. Yauwa. Kai, miƙo min wancan!” A bidiyo komai sarai yake, don yatsa na nunawa. A takarda babu yatsa. Dole na koma ina tsayar da hoton a duk inda ya ce “wannan”, ina ba abin sunansa. Na farkon ya zama murfin da ke ƙasan inji ta hagu, “wancan” kuma lakile mai lamba 24.

A wannan kallon ne na lura hannun Kawu ya fi bakinsa magana. Lokacin da murfin ya kusa fita, sai ya danne shi da yatsa ya sake shi a hankali, yana kuwa ba da labarin wani kwastoma da ya gudu da kuɗinsa. Akwai rasor a bayan murfin, bayansa kuma ƴar rariyar da ke tace mai. In ba ka danne ba, rasor ya turo murfin, duka su faɗa cikin baƙin mai. Ko kalma ɗaya bai ce ba a kan haka. Sai na kashe murya na sake kallo tun daga farko, ina rubuta abin da hannu ya yi kawai. Matakai uku suka fito waɗanda babu su a maganarsa, har da goge bakin ramin da tsumma kafin ya kwance, don kada yashi ya shiga.

Kayan aiki ban sha wuyarsu ba. Na bi bidiyon na tsinto su, na jera a saman shafi: lakile 24, kwano, tsumma, mazurari, ɗan esansi na wanke rariya, da lita ɗaya ta mai.

Gargaɗi ne ya fi damuna. Kawu ya ce a tada inji ya ɗan ɗumama don mai ya yi ruwa ya fita duka. Amma “a kula fa, yana ƙuna” sai a minti na 6 ya faɗe shi, bayan man ya gama tsiyaya. Wanda ke bin takarda layi-layi, kafin ya kai nan ya riga ya ƙone. Saboda haka na ɗauko kowane gargaɗi na kai shi gaban matakinsa, na ja masa layi. Ga yadda tsakiyar ta koma:

A KULA: mai da salansa suna da zafi. Bayan an kashe inji a jira minti kaɗan.
3. Sa kwano a ƙarƙashin murfin.
4. Kwance murfin da lakile 24, kana danne shi da yatsa. Akwai rasor a bayansa.
5. Ciro rasor da rariya, ka lura da yadda suke kwance.

Aiki ɗaya a kowace lamba, don mai hannu cikin mai in ya ɗago kai ya san inda ya tsaya.

Na kai wa Kawu na karanta masa. Da na zo kan “ɗaure murfin sosai” sai ya tsayar da ni.

“Wa ya ce maka sosai?”

“Kawu, kai ka faɗa, yana cikin bidiyo.”

“Sosai ɗina da na yaro ɗaya ne? Murfin nan alminiyom ne, in ya hau shi da ƙarfi tsagewa zai yi.”

Muka gyara: a fara ɗaurawa da hannu har ya zauna, sannan a ɗan ƙara da lakile, a tsaya. Ya kuma sa na ƙara abin da bidiyon bai nuna ba sam, don batirina ya mutu kafin nan. Bayan an zuba mai, a tsayar da moto daidai, a goge sandar awo, a tsoma ta ba tare da an murɗa ba, a ga mai tsakanin alamomin biyu. In zoben robar murfin ya tsage, a canza shi, in ba haka ba da safe a tarar da ɗigon mai a ƙasa.

Matakai 12 suka zama, a shafi ɗaya. Labarin kwastoman na cire shi, ko da yake ya fi komai daɗi. Na ba wani direban motar kasuwa takardar. Bayan sati ƙanena ya kira ya ce ya yi, amma ban faɗa masa inda zai kai tsohon man ba, yana nan cikin kwanon tuwon Inna.