Makara iri biyu a littafin uwar adashi

Dokar adashi gajeriya ce, ana iya faɗinta a numfashi ɗaya. Mutane kaɗan su yarda da juna, kowa ya zuba adadi ɗaya a ranar da aka tsaida, mutum guda ya kwashe abin da aka tara, wata na gaba kuma wani ya kwasa, har layi ya zagayo. Muddin kowa na zubi a kan lokaci, ko littafi ba a buƙata. Ranar da wani ya makara ne ake sanin ko uwar adashi rubutu kawai take yi, ko kuwa lissafi.

Jihar Maraɗi ba baƙuwar tara kuɗi a ƙungiyance ba ce. A nan ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a akwati a gaban idon kowa, su riƙa ba juna rance daga ciki. Ƙarfin wannan tsari shaida ne, domin duk wadda ta zuba an gan ta. Adashin wata-wata da ma'aikata da ƴan kasuwa ke yi ba shi da wannan gata idan masu zubin sun warwatsu. Haka ta faru ga wata malamar firamare a Agye, wadda ta riƙe adashin hannu 10 da abokan aikinta da wasu mata ƴan kasuwa. Canjin wurin aiki da aure sun raba su: wasu na Agye da Cadawa, wasu na gabas a Gazawa, wasu kuma can yamma da birnin Maraɗi, a Tibiri da Gidan Rumji. Kuɗi ya koma zuwa ta hannun direba ko ta gidan aika kuɗi, littafin malamar ya zama shi kaɗai ne mashaidi.

Zubinsu jika 10 ne kowane wata, wato sefa 10,000, kwasa kuma jika 100. Sun fara a Nuwamba, bayan kaka, za su ƙare a Agusta. Malamar ta ja layuka a shafi biyu masu kallon juna: sunaye 10 daga sama zuwa ƙasa, watanni 10 daga hagu zuwa dama, a kan kowane wata kuma sunan mai kwasarsa. Cikin kowane gida tana rubuta abu biyu, adadin da ya shigo da ranar da ya iso hannunta. Ranar da aka ce an aiko ba ta shiga littafi, domin tsakanin «na aiko» da «ya iso» akwai hanya, akwai direba, akwai kuma kuɗin aike da akan cire daga cikin zubin.

Tarkon farko da ke jiran irin wannan littafi na harshe ne, kuma duk ɗalibin kimiyyar harshe zai gane shi. Bahaushen Nijar yana ƙidaya kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ƙarfen da aka buga wa 100 dala ashirin ne a bakinsa, 500 kuma dala ɗari ce. Abin da ke ƙara rikita al'amari shi ne a magana akan yar da kalmar dala, a bar lamba kaɗai. Idan mai aya ta Cadawa ta ce ta kawo «dubu», dala dubu take nufi, wato sefa 5,000, rabin zubi cif. Wanda ya rubuta 1,000 kamar yadda ya ji, wani kuma ya karanta shi da lissafin makaranta, ya cinye wa matar sefa 4,000 ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Saboda haka malamar ta tsaida jika a matsayin ma'auni, tun da jika sefa 1,000 ce ga kowa. Rabin zubi «jika 5» ne a baki da kuma a takarda.

Watanni bakwai suka wuce lafiya. A Yuni, wata na takwas, kwasa ta faɗo kan wata manomiya ta Gazawa, wadda ta roƙi wannan watan tun farko domin sayen taki da biyan ƴan ƙodago. Ranar kwasa jika 80 ne a hannun malamar. Mutum biyu ba su zuba ba: wata mai man gyaɗa a Tibiri da jarinta ya maƙale, da wata malama a Gidan Rumji da albashinta bai shigo ba. A idon sauran mata laifinsu ɗaya ne, har wasu suka ce a ci su tara daidai wa daida.

Littafin ya nuna abu dabam. Mai man gyaɗa ta kwasa tun Disamba. Ta zuba jika 70, ta karɓi jika 100, saboda haka ana bin ta jika 30. Malamar Gidan Rumji kuwa ita ce ta ƙarshe a layi, sai Agusta za ta kwasa. Ita ma ta zuba jika 70, amma ko dala ba ta karɓa ba, wato ita ce ke bin ƙungiya jika 70. Hausa tana rarrabe waɗannan matsayi biyu da ɗan sauyi kaɗan, «ana bin ta» da «tana bi», sai dai kalmar makara tana haɗiye su duka biyu. Ta farko ta jinkirta biyan bashin da ta ci. Ta biyu ta jinkirta ba da rance ne, alhali kuɗinta na hannun mutane.

Dalilin bambancin yana cikin ginin adashi kansa. Kowane gida a shafin yana da ɗan'uwansa. Jika 10 da manomiyar Gazawa ta zuba a Disamba sun tafi ga mai man gyaɗa, jika 10 da mai man gyaɗa za ta zuba a Yuni su ne ramuwarsu. Adashi na hannu 10, idan aka warware shi, ƙananan rance ne tsakanin kowace mace biyu. Wannan ne ya sa giɓin Yuni ba na «ƙungiya» ba ne. Yana da mai shi, kuma malamar ta rubuta shi da suna a shafin baya: wance tana bin wance jika 10, tun ranar kaza.

Da aka kalli abin haka, maganin kowace makara ya fito daban. Manomiyar Gazawa za ta zuba wa malamar Gidan Rumji jika 10 a Agusta. Idan kuɗin Yuni bai zo ba har lokacin, sai a soke wannan da wancan: manomiya ta riƙe zubinta na Agusta, malamar ta kwashi jika 90 maimakon 100. Ba wadda za ta yi asarar kuɗi. Ga mai man gyaɗa babu abin da za a soke da shi, domin ta riga ta karɓi nata, kuma idan ta ci gaba da shiru, masu kwasar Yuli da Agusta ma za su rasa jika goma-goma. Uwar adashi ta kira matar yayanta, wadda ita ta shigo da ita tun farko, ta ce: «Yaya, ke kika tsaya mata. Kwasarki a Yuli take, ko ki taimaka ta biya, ko a cire daga naki a ba mai Yuni.» Aka yi yarjejeniya ta biya jika 5 sau biyu cikin mako uku, kowane biya a rubuta shi a gidan Yuni da ranarsa ta gaskiya.

Akwai hanya mai sauƙi da malamar ta ƙi bi, wadda ita ce ke rusa adashi da yawa. Mata biyu sun riga sun aiko zubin Yuli da wuri. Da ta ɗebi jika 20 ɗin nan ta cika kwasar Yuni, da kowa ya yaba mata a ranar. Amma giɓin zai koma Yuli, daga nan Agusta, ya faɗa kan ta ƙarshe a layi, wadda ta fi kowa haƙuri kuma ba ta da na bayanta da za a ɗebo nasa. Ana gane littafin da aka yi wa irin wannan ciko da gwaji ɗaya: a haɗa duk abin da ya shigo, a cire duk abin da aka kwasa, saura ya zama daidai da abin da ke hannun uwar adashi. A ƙarshen Yuni jika 780 suka shigo na watanni takwas, 780 suka fita, ga kuma jika 20 na Yuli a ɗaure daban. Idan shafi ya nuna Yuni a cike amma kuɗin Yuli babu su a hannu, an rufe rami da ƙasar wani rami ke nan.

Maganar tara ta mutu a taron. Wasu daga cikin matan sun ce ƙari a kan bashi saboda jinkiri ya yi musu kama da riba, ba za su ci ba. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a kan wannan suka tsaya. Horon da suka zaɓa na layi ne. Wadda ta makara bayan ta kwasa za ta koma ƙarshe a zagaye na gaba, duk mai son kwasa a watanni uku na farko kuma sai ta kawo mai tsaya mata daga cikin masu kwasar ƙarshe. Malamar Gidan Rumji ba a taɓa matsayinta ba, aka ma ba ta zaɓin watan da take so.

Abu ɗaya ne littafin bai iya mayarwa ba. Manomiyar Gazawa ta sami jika 20 ɗinta, 10 daga mai man gyaɗa kafin tsakiyar Yuli, 10 ta hanyar sokewa a Agusta. Taki kuwa da lokacinsa, jika 10 na Yuni ba ɗaya suke da jika 10 na Agusta ba ga wadda ruwa ya sauka a gonarta. A shafin sabon zagaye, gefen sunanta, uwar adashi ta rubuta cewa ita za ta fara zaɓar wata, kuma masu kwasa bayanta su kawo zubin watan nata kwana biyar kafin ranar.