Data, Bayani da Rumbun Bayanai

Hutun da ya wuce muna zaune a ƙofar gida a Sundimina, sai wani ƙaninmu da ya shiga shekarar farko a jami'a ya zo da littafinsa. Ya ce, "Yaya, malaminmu na kwamfuta sai ambaton data yake. Ba ita ce wadda muke saye a waya ba?" Muka yi dariya, don mu ma haka muka ɗauka a farko.

Muka rubuta masa 38 a ƙasa, muka ce mene ne wannan? Ya ce ko shekarun wani ne, ko buhunan gero. To, wannan ita ce data: ɗanyen adadi ko kalma da ba a faɗi na mene ne ba.

Sai muka ƙara: wani ɗalibin aji uku ya ci 38 cikin 100 a lissafi, makin wucewa kuma 40 ne. Nan take ya ce, "Ashe maki biyu suka kayar da shi!" Wannan shi ne bayani. Adadin bai sauya ba, amma yanzu ya amsa tambaya, har malami zai iya yanke shawara a kansa.

Idan ɗaliban sun kai 600 fa, kowa da darussa tara? Maki 5,400 ke nan a zango ɗaya. Dole a samu wurin ajiya mai tsari, wato rumbun bayanai, wanda ake kira databes. Kowane ɗalibi yana da layinsa, kowane abu da gurbinsa: lamba, suna, aji, maki. Sai ka tambayi rumbun, su wa suka ci ƙasa da 40 a lissafi? Ya zaro maka su kaɗai. Tarin takardu a kwali ba zai yi maka haka ba.

Gurbin lamba ne muka fi ja masa kunne a kai. Muna sakandare, akwai yara biyu a ajinmu masu suna ɗaya, har sunan uba. Wani zango aka juya makinsu, mai 72 ya karɓi 38, ya sha faɗa a gida. Sai da aka zaƙulo takardun amsarsu aka gano. Da lambar shiga makaranta aka bi, da hakan bai faru ba, domin suna yana maimaituwa, lamba kuwa mutum ɗaya ke da ita. Shi ya sa tun 2021 Jamb ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN mai alƙaluma 11.

Amma rumbu abin da aka zuba masa yake bayarwa. In aka shigar da 27 maimakon 72, kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Saboda haka ranar rajistar jarrabawa, kafin ku tashi daga gaban mai shigarwa, ku karanta sunanku da ranar haihuwarku da lambarku ɗaya bayan ɗaya.