Taya mai ƙullutu ba ta jiran ƙarshen wata

Yawancinmu malamai da iyaye, idan za mu duba taya, ƙasanta muke kallo. In zanen bai suɗe ba, sai mu ce da sauranta. Ni kuwa gefenta nake fara shafawa, musamman a watan Oktoba lokacin komawa makaranta, bayan damina ta gama haƙe ramuka a kan hanya. Abin da nake nema shi ne ƙullutu, wani kumburi da ke fitowa a jikin taya, wani kamar goro, wani kamar ƙwan zabo. Masu faransanci da sunan ciwon gwaiwa suke kiransa, kuma sun dace da suna: bango ne ya yage daga ciki, abin da yake tsarewa ya turo waje.

Mutane suna raina shi don sun ɗauka taya roba ce zalla. Ba haka ba ne. Daga ciki akwai wani siririn shafi na roba wanda aikinsa kawai hana iska fita. A bayansa akwai zaruruwa masu ƙarfi jere kusa da kusa, sun taso daga baki ɗaya na taya sun zagayo zuwa ɗaya bakin. Su ne ƙashin taya, su ke riƙe ƙarfin iskar da aka hura. Wayoyin ƙarfen da muke gani idan taya ta suɗe, a tayar ƙaramar mota ƙarƙashin zanen kaɗai suke, inda take taka ƙasa. Gefe ba shi da wannan sulke. Da gangan aka bar shi da laushi don ya riƙa lanƙwasa yana shanye gargada.

To idan mota ta faɗa rami da gudu, ko ta daki bakin kwalta, ko ta hau tudun rage gudu ba a taka birki ba, gefen taya yana matsewa tsakanin bakin ramin da janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Kamar a sa igiya kan dutse ne a sare ta da gatari. Robar waje tana miƙewa ta koma yadda take, ko tabo ba za ka gani ba, amma zaruruwan sun tsinke. Daga nan iska ta samu wuri mai rauni, ta tura roba waje. Wani lokaci a take yake fitowa, wani lokaci sai bayan kwanaki, har mai mota ya manta da ramin. Ƙarancin iska da lodi fiye da ƙima suna sauƙaƙa wannan, don tayar da ta riga ta kwanta saura kaɗan ta taɓa janti. Akan samu wadda ta zo da lahani tun daga masana'anta, amma a hanyoyinmu rami ne babban mai laifi.

Wani abokin aikina yana da ƙaramar mota, wadda yake kwasar ƴaƴansa da na maƙwabta zuwa makaranta. Tayarsa ta gaba, hannun dama, ta fito da ƙullutu ana saura kwana goma albashi, ga shi yana shirin tafiya daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ya ce mini, "Malam, ai ba ta sace ba, ko iska ba ta ragewa." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne tarkon yake. Sai muka zauna muka yi lissafi irin na aji.

Lambar da ke jikin tayarsa 195/65 R15 ce. Kewayen irin wannan taya kusan mita 2 ne, ke nan tana juyawa sau 500 a kowane kilomita. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ya haura kilomita 200, wato sau dubu 100 da ɗoriya wurin nan mai rauni zai sauko ƙasa, ya lanƙwashe da nauyin mota, ya miƙe. In yana gudun kilomita 80 a awa, sau 11 ke nan a kowace daƙiƙa. Kowane lanƙwasawa yana ɗora wa zaruruwan da ke maƙwabtaka da tsinkakkun aikin da ba nasu ba, su ma su bi sahu ɗaya bayan ɗaya, ga zafin kwalta da na gudu yana tausasa roba. Sannan iskar: ana hura masa kilo 2,2, ma'ana nauyin kilo 2,2 kan kowane murabba'in santimita. Wuri mai santimita 5 tsawo da 5 faɗi yana ɗauke da turin kilo 55, ya fi buhun siminti, kuma fatar roba ce ta rage tana tare shi. Irin wannan ba ta sacewa a hankali kamar wadda ta taka ƙusa. Fashewa take yi gaba ɗaya, kuma babu mai iya ce maka yau ne ko jibi.

Dabarun da ya kawo su ne waɗanda kowa ke kawowa. Na farko, a kai wa mai faci ya liƙa mata faci daga ciki, ko ya sa mata robar ciki. Faci yana toshe huda, ba ya ɗinke zare. Robar ciki kuma iska take riƙewa, ita ma da jikin taya take jingina, inda bango ya karye nan za ta kumbura. Na biyu, a mai da ita baya. Wannan ni ya fi ba ni tsoro, don idan tayar baya ta fashe da gudu, bayan mota ke wulwulawa, kuma sitiyari ba ya da iko da ƙafar baya. Na uku, a rage mata iska "don kada ta fashe". Rage iska yana ƙara lanƙwasa da zafi, abin da ake gudu ke nan. A ranar ya ɗaura safaya, ya ɗage tafiyar har aka yi albashi.

Ba kowane rashin daidaito ne haɗari ba, kada mai sayar da taya ya tsorata ku. Akwai ɗan lotsawa da ake gani a gefen wasu tayoyi, siriri, daga janti zuwa zane, ya shiga ciki. Wurin da zaruruwa suka hau juna ne lokacin ƙira, ba laifi ba ne. Wanda ya turo waje shi ne cuta. A duba da safe kafin a tashi, da ido da tafin hannu, a hankali, kada a danna shi ko a soke shi. A murɗa sitiyari har ƙarshe a leƙa gefen ciki, don ƙullutu yakan ɓuya ta can. In an same shi, a duba janti ko ya lanƙwashe, da tayar baya ta wannan hannun, tunda sau da yawa rami ɗaya suka faɗa.

Wajen sayen madadi, na san da yawanmu ta hannu muke iya saye. Ƙullutu ba ya nuna kansa a tayar da ke jingine ba iska, saboda haka kada a biya sai an ɗaura ta a janti an hura, an shafa gefe biyu. A nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar da aka cire kuma ba ta zama safaya. Ni nakan sa mai faci ya tsaga gefenta da wuƙa a gabana kafin in bar masa ita. Masu yin takalmi da guga za su ci moriyarta, amma ba za ta sake hawa motar da ke ɗaukar ƴan makaranta ba.