Littafin Kurakurai na Wata Bagobira

Makin da malami ke rubutawa a saman takardar gwaji yana faɗa wa ɗalibi yawan abin da ya ɓata, amma ba ya faɗa masa irinsa. Ɗalibai biyu suna iya samun 11 bisa 20 a shifta ɗaya, alhali ɗaya gaggawa ce ta kayar da shi, ɗayan kuwa wata ƙa'ida ce ya riƙe a karkace tun yana ƙarami. Na farko barci da natsuwa sun ishe shi magani. Na biyu ko ya yi gwaji ɗari, a rami guda zai riƙa faɗawa.

Wata ɗaliba ƴar Tsibiri, garin Sarkin Gobir da ke dab da Maraɗi, ta daɗe a sahu na biyu ba ta sani ba. Tana shirin jarrabawar ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma a lokacin hutu takan sa wata ƙawarta ƴar Jiratawa ta yi mata shifta ta kalma 150 kowace Asabar. Bayan gwaji shida maki bai motsa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, domin harshen da ta sha a nono ne, kuma burinta ta koyar da shi. Sai dai Hausar takarda, wadda masana daga Nijar da Nijeriya suka zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutunta, ta ginu ne bisa karin Kano. Wanda ya tashi yana cewa "sunka tahi" dole ya koyi rubuta "suka tafi" kamar yadda ake koyon kowane darasi.

Ta sayi ɗan littafin rubutu, irin wanda ƴan lakwal ke kira kaye, ta ja layuka ta raba kowane shafi gida biyar: ranar gwaji, abin da ta rubuta tare da jimlar da ya fito a ciki, daidai ɗinsa, ko ta iya gyara shi da kanta, sai kuma dalili. Gida na huɗu yana da sharaɗi. Ƙawar ba ta rubuta gyara, ɗigo kawai take sawa a gefen layin da ke da aibi, ita kuwa mai littafin ta nemo aibin da kanta. Wannan shi ne bambancin da Pit Corder ya fito da shi a 1967, tsakanin tuntuɓen da mai shi zai gane da zarar an nuna masa wurin, da kuskuren da ke fitowa daga wata ƙa'ida da ya gina wa kansa, wanda zai kalla sau uku ya rantse daidai ne.

Takardun shida suka ba da kurakurai 41. Takwas na ƙugiya ne, wato "kasa" a gurbin "ƙasa" da makamantansu, kuma duka takwas ta gano su da kanta, galibinsu a layukan ƙarshe, inda hannu ya gaji. Ta bar su, ta dai ware minti biyu na ƙarshe don bin baƙaƙen k da d da b. Biyar ba su da dangi. Tara na karin harshe ne. Sauran 19 duk na haɗa kalmomi da raba su ne, kuma ko ɗaya ba ta gani ba sai da aka ɗora mata yatsa a kai.

A nan ne mafi yawan masu irin wannan littafi ke tsayawa: su rubuta "raba kalmomi" a gidan dalili, su sake karanta babin tun daga farko. Amma wannan sunan babi ne, ba dalili ba ne. Ita sai ta kwafe jimlolin 19 a shafi guda, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Shida "zasu" da "zamu" ne, kuma asalinsu a fili yake: tunda "zan" da "zai" a haɗe suke, hannu ya zarce da sauran, alhali "za su" da "za mu" a rabe ake rubuta su. Sauran 13 kuwa wakilin suna ne ta manna wa aikatau, kuma 11 daga cikinsu sun biyo bayan aikatau uku kacal: "ya ganshi", "ta sanshi", "sun barta".

Me ya sa waɗannan uku? Ta koma takardun ta ƙirga wuraren da ta yi daidai, abin da littafin kurakurai ba ya nunawa da kansa. Irin su "ya kama shi" da "sun kira ta" sun fito fiye da sau ashirin, sau biyu kawai ta haɗa. Ashe ta san ƙa'idar. Abin da ke ruɗinta shi ne baƙin ƙarshe na "gan" da "san" da "bar", wanda ya yi kama da mahaɗin mallaka na "gidansa" da "motarta", inda haɗawa ce ƙa'ida. Kunne ba ya taimako a nan, domin a baki mutane na cewa "gidanshi", kuma "ta" ɗin "motarta" da na "bar ta" duk ɗaya suke a ido. Maganin bai wuce layi biyu ba, ta rubuta shi a bangon littafin: bayan "ya" ko "ta" ko "sun" na shuɗaɗɗen lokaci aikatau ne, karɓau ɗinsa a ware yake, "ya gan shi", in kuwa sunan aikatau ne mai mahaɗi, a haɗa, "yana ganinsa". Ta roƙi ƙawar ta cusa irin waɗannan jimloli goma a shifta ta gaba, a gauraye da na mallaka, don kada gyaran ya zama raba komai.

Wannan tsoron ba na banza ba ne, domin gidan kwanan wata ya riga ya tona irinsa a kurakuran karin harshe. A gwaji uku na farko "tahi" da "hili" da "hwari" ne. Daga na huɗu suka ɓace, sai ga "futu" da "fuɗu" a gurbin "hutu" da "huɗu". Ta koyi mayar da h zuwa f, ta wuce gona da iri. Wanda ya dubi jimillar kawai zai ce karin harshe na nan yadda yake, alhali cutar ta juya, kuma maganin jiya ne ya haife ta. Babu wata gajeriyar ƙa'ida da za ta raba mata su, sai jerin kalmomi gida biyu, masu f da masu h, tana ƙara masa duk mako.

Littafin yana da iyaka, kuma ta ci karo da ita da ta koma gwajin insha'i. Kurakuranta suka ragu ƙwarai, har ta fara murna, sai ƙawar ta lura cewa a shafi biyu cur babu "gan" ko "san" ko sau ɗaya. "Ƴar'uwa," ta ce mata, "ba gyarawa kika yi ba, kewayewa kika yi." Masu nazarin kurakurai sun san wannan tun 1974, lokacin da Jacqueline Schachter ta nuna cewa mai koyo kan guje wa ginin jimlar da ke ba shi wuya, sai takardarsa ta fito fes ba don ya iya ba. A shifta ba a kewaya kalma, a insha'i ana iyawa. Saboda haka ta ƙara gida na shida, siriri, inda take rubuta sau nawa abin ya fito da sau nawa ta ɓata. A shifta ta tara ta rubuta 1 bisa 10 a gaban "gan, san, bar", a insha'in makon kuwa 0 bisa 0, ta zagaye shi da jan biro.