Yanar Madara

A gidajenmu na Mayo-Ulo, idan aka tafasa madara aka sauke, mutanen gida kashi biyu suke rabuwa. Akwai masu rige-rigen kai cokali kan tukunya don su kwashe yanar da ta kwanta a sama su lashe, akwai kuma waɗanda ko ɗan ɓalli suka gani yana yawo a kofin shayinsu sai tsigar jikinsu ta tashi. Ni ina cikin 'yan cokali tun ina yaro. Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci kuwa shi ne yadda take yawan dawowa a shirin safe da nake gabatarwa a rediyo a Garwa. Wata baiwar Allah ta bugo ta ce yanar dattin nono ce da wuta ta koro sama, don haka zubarwa take yi. Wani dattijo ya ce a'a, ƙarfin madarar ne gaba ɗaya, wanda ya zubar da ita ruwa ya sha. Ta ukun ce ta tayar mini da hankali. Cewa ta yi: "Malam, ni da na ga yana ta fito na san madara ta dahu, sai in sauke in ba yara."

Bari in fara da abin da yanar take. Madarar saniya kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce. Sauran kuwa mai ne, da sukarin madara, da furotin, da gishirin jiki irin su kalsiyam. A lita guda akwai furotin kamar giram 33. Mafi yawansa, wajen kashi huɗu cikin biyar, shi ne wanda yake daskarewa ya ba mu kindirmo da cuku. Ragowar kashi ɗayan narke yake cikin ruwan, kuma ba ya jure zafi. Idan wuta ta kai shi wajen digiri 70, sai ya warware kamar zaren da aka kwance daga ƙwarya, ya riƙa manne wa ɗan uwansa da duk abin da ya taɓa. A daidai wannan lokaci saman madarar yana bushewa, domin ta nan tururi yake fita. Furotin ya taru a wurin ya yi kauri, mai kuma da yake ya fi ruwa sauƙi ya taso ya maƙale a cikinsa. Wannan saƙa ta furotin da mai ita ce yana. Babu datti a ciki, babu cuta da aka koro. Masu yin awara sun san irinta a kan ruwan waken suya, kuma a Sin da Japan ɗage ta ake yi da gangan a shanya a sayar.

Na gwada da madarar da na saya wurin wata goggo da ke kawo mana ɓiraɗam, wato madarar da aka tatso da safe. Lita biyu na tafasa tare, na raba a tukwane biyu. Ɗaya na rufe da murfi, ɗaya na bari a buɗe. Bayan kamar rabin awa, ta buɗen ta yi yana mai kauri har da tamoji, irin wadda ake ɗagawa da cokali ta taho gaba ɗaya. Ta rufen kuwa ɗan siririn abu ne kawai a gefe, saboda tururin da murfi ya tsare bai bar saman ya bushe ba. Na kwashe yanar ta buɗen na mayar da ita kan wuta kaɗan, sai ga wata ta sake fitowa. Haka za ta yi ta yi muddin akwai zafi da iska. Da na ba goggo labari dariya ta yi, ta ce, "Ɗana, ai da hunturu ma ta fi kauri." Gaskiyarta, busasshiyar iska ta fi saurin shanye saman.

Yanar nan ce kuma take sa madara ta yi bori. Tururin da ke tasowa daga gindin tukunya yana tarar da ita ta rufe hanya, sai kumfa ya taru a ƙarƙashinta ya ɗaga ta, kafin ka juya ka ɗauko ludayi rabin madarar tana cikin toka. Maganin shi ne tukunya mai faɗi wadda ba a cika ta ba, da juyawa a kai a kai. Murfi kuwa sai an sauke.

Yanzu ga maganar matar nan ta uku. Yana tana fara fitowa tun madara ba ta je ko'ina ba, tun zafin yana wajen digiri 50, alhali tafasa sai a digiri 100. Ƙwayoyin cutar da ake tsoro a ɗanyar madara, irin na tarin fuka na shanu da na bakkale, wanda ke sa saniya ɓari kuma ya bar mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ba sa mutuwa a wannan ɗan ɗumin. A masana'anta sai an riƙe madara a digiri 63 na minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15. Mu da ba mu da ma'aunin zafi a madafa, alamarmu guda ce: madara ta tafasa sosai ta taso, a rage wuta, a ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, sannan a sauke. Wadda ta sauke don ta ga yana, ɗanyar madara mai ɗumi ta ba 'ya'yanta.

Akwai wani abin da ake rikitawa da yana. Idan madara ta hau wuta ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji ruwa ya ware gefe, wannan alama ce ta riga ta fara tsami kafin a ɗora ta. Yana a sama kawai take kwanciya, abin da ke ƙarƙashinta fari ne sumul.

To, a ci ko a zubar? Ni dai ci nake yi, da ɗan sukari a kan burodi, kuma ba ni kaɗai ba ne a duniya: a Indiya malai suke ce mata, suna tara ta su yi man shanu, Turkawa kuma suna da kaimak da suke ci da zuma. Sai dai ba zan bi dattijon nan har inda ya kai ba. Abin da cokali ya ɗauke a karo ɗaya kaɗan ne a kan abin da ya rage a lita, madarar ba ta zama ruwa ba. Amma mai tana tafiya da shi, kuma wanda ya kwashe sau uku sau huɗu yana zubarwa zai ji madararsa ta yi salam. Shanunmu masu tozo ba su da yawan nono, amma nonon nasu akwai maiƙo, ga shi da rani sai an yi da gaske ake samun lita guda. Yaron da ba ya son ganinta a kofi, a tace masa da rariya, a zuba yanar a kunu ko a buga ta cikin fura, ba zai ma sani ba.

Wuri ɗaya nake yarda a zubar. Tukunyar da ta kwana a buɗe a tsakar gida, ƙurar hunturu ta sauka a kai, ƙuda ya yi zarya, yanar ce ta tare duk wannan, kuma mai danƙo ce, ba ta sakin abin da ta kama. Wannan a kwashe a ba kaji, madarar kuma a sake tafasa ta kafin a sha.