Tsabtataccen Ruwa Ya Ƙi Shiga Hoto

Da damina aka turo mana hoton faɗakarwa kan amai da gudawa, mu mayar da shi Hausa a liƙa a Nahuce. Fassarar ba ta ɗauke mu awa ɗaya ba. Mayar da ita kan hoton ce ta cinye mana yini.

Mun goge Turancin, muka shafe wurin da launin bayansa. Layin sama gurbi 16 ya ci. Namu, “A sha tsabtataccen ruwa”, ya ci 23, har ya hau fuskar yaron da ke hoton. Haka Hausa take: kowace gaɓa da wasalinta, ga ninki irin na “tsabtatacce”. Kalma guda ta kwashe harafi 12, kuma in an karya ta, karatu ya lalace.

Muka ƙanƙance rubutun, muka buga gwaji. Wani dattijo ya tsaya taku uku daga bango, ya ce bai ga komai ba.

Sai muka koma “A sha ruwa mai tsabta”. Gurbi biyu kacal muka rage, amma gajerun kalmomin suka rabu layi biyu da girmansu na asali. Dattijon ya karanta daga inda yake tsaye.