Zauren Gidanmu

Zaurenmu a Ƙaura Namoda ɗan ƙarami ne, taku huɗu ka ƙure shi. Da aka ce masu neman auren Yaya za su zo daga Shinkafi, ni Inna ta ɗora wa gyaransa.

Na sa kafinta ya kafa katako hawa biyu a bayan ƙofa, kamu ɗaya daga ƙasa, don takalmin da aka bari a ƙasa maɓoyar kunama ne. Dakalin na sa aka shafe shi da siminti, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Bango ya sha farar ƙasa don ya ƙara haske.

Fitila mai caji kuwa, 'yar'uwa, rataye ta can sama. In tana saitin ido, baƙo zai yi ta kau da kai har ya gaji ya yi sallama.